Kafin ka ƙona datarka: yadda za ka gane fim zai yi daɗi ba tare da an fasa maka ƙwai ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon tura fim a Tiga ko Tudun Wada ya san yadda abin yake. Ka miƙa waya ka ce, "Wannan yana da kyau kuwa?" Kafin mai shago ya buɗe baki, wani da ke jiran cajinsa ya riga ya karɓe: "Kai, ai fim ne! Musamman wajen da aka gano cewa..." Shi ke nan, an gama da kai. Ba mugunta ya yi ba, tambayarka ce ba ta da wata amsa sai labari.

A nan matsalar take, a shago ne ko a intanet. Muna so mu san ko fim ya cancanci lokacinmu, sai mu tafi neman abin da ya faru a cikinsa. Alhali abin da ya kamata mu bincika shi ne wa ya yi shi, yaya tsawonsa, kuma waɗanda suka fara kallo sun ci gaba ko sun gudu.

Kuma binciken ba na ƙwalisa ba ne. Awa ɗaya a YouTube, idan ka saita shi a 360p, takan ci wajen megabayit 300. A ce zango ɗaya na da kashi 13, kowanne awa guda: kusan gigabayit 4 ke nan, ban da cajin da za ka biya idan wuta ta yi kwana biyu ba ta leƙo ba.

Mu ɗauki Labarina, shirin Aminu Saira da ya fara fita a 2020 a Arewa24 da tashar Saira Movies. A ce ba ki taɓa kallo ba, ƙawaye sun dame ki da zancensa. Idan kika rubuta sunan kawai a YouTube, abin da zai fara tarbar ki shi ne sababbin kashi da bidiyon masu sharhi, waɗanda sana'arsu ita ce sa abin da ya fi girgiza mutum a take da hoton bango. Ba sai kin danna ba, ido ya riga ya karanta. Don haka ki rubuta sunan tashar, ki shiga cikinta kai tsaye, ki je Playlists ki nemi zango na farko.

Daga nan sai lissafi. Dubi adadin waɗanda suka kalli kashi na 1, da na 5, da na 10 a zango ɗaya, kina rufe hoton da babban yatsa. Kashi na farko kusan kullum ya fi yawan masu kallo, domin har da 'yan leƙe. Abin lura shi ne tsakanin na 5 da na 10. Idan adadin ya tsaya kusa da juna, labarin ya riƙe mutane. Idan ya zube da rabi, akwai alamar an fara jan zare, irin wanda za a yi minti 20 ana gaisuwa a falo. Wannan ma'auni yana nuna farin jini ne kawai, ba zai gaya miki ko zai dace da ke ba. Amma bai tona komai ba.

Akwai kuma bayanan da suka yi kama da fasa ƙwai alhali ba shi ba ne. Sanin cewa Nafisat Abdullahi ce ta fara fitowa a matsayin Sumayya, daga baya Fati Washa ta karɓe ta, labarin masana'anta ne. Haka sanin cewa daga baya shirin ya koma wani sabon labari, da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara. Wannan ma taimako ne, domin yana nufin kina iya farawa daga sabon labarin ba tare da kin biya bashin duk zangunan baya ba. Wanda ya auri wa, wanda ya mutu, wanda ashe shi ne bos, su ne ƙwan.

Sashen kwament kuwa, a bar shi. Ko a ƙarƙashin kashi na 1 za ka tarar da wanda ya dawo bayan shekara biyu yana yi wa wani jarumi ta'aziyya.

Finafinan Indiya da na Turawa sun fi sauƙin bincike, sun kuma fi yawan tarko. Ɗauki Drishyam na 2015, wanda Ajay Devgn da Tabu suka fito. Fim ne da duk daɗinsa ke rataye da abin da ba ka sani ba. An yi masa kashi na biyu a 2022, kuma tirelar na biyun da gajeren bayaninsa sun ginu ne a kan yadda na farko ya ƙare. Wanda bai ga na farko ba, kada ya kusanci komai mai lamba 2 a jiki. Haka abin yake ga Baahubali na 2015 da ci-gabansa na 2017.

A Google, tarkon yana cikin akwatin rubutu. Kada ka taɓa rubuta sunan da jarumi yake amsawa a cikin fim, domin shawarwarin da ke zubowa ƙasa tambayoyin waɗanda suka gama kallo ne. Rubuta sunan fim da shekara da IMDb, ka danna, ka tsallake People also ask. A IMDb, maki da tsawon fim da sunan darakta ba su da haɗari. Sharhin da ke tona labari ana sa masa alamar Spoiler a ɓoye shi, sai dai wani yakan kuɓuce. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne jerin 'yan wasa na shiri mai dogon zango: kusa da kowane suna an rubuta yawan kashin da ya fito. Ka ga babban jarumi da kashi 9 a shirin mai kashi 70, ai ka san ba a kai ƙarshe da shi ba.

Wikipedia ba ta gargaɗi ko kaɗan, ta cire wannan tun 2007. A waya sassan shafin suna zuwa a rufe, sai ka bar Plot yadda ka same shi, ka buɗe Reception ka karanta layukan farko kawai.

A ajinmu an taɓa kawo binciken da Leavitt da Christenfeld suka yi a Jami'ar California ta San Diego a 2011, inda suka ga masu karatu sun ɗan fi jin daɗin gajerun labaran da aka riga aka faɗa musu ƙarshensu. Ban musa ba. Amma gajeren labari zama ɗaya ne, shi kuwa shirin da ake jira Juma'a zuwa Juma'a, jiran shi ne rabin abin da ka saya da datarka.

Gwajin da na fi yarda da shi ya fi duk waɗannan arha: minti 15 na farkon kashi na 1, a 240p. Sauti yana fita? Hirar ta yi kama da ta mutane? Ka damu da abin da zai sami wani a ciki? Idan ka yanke za ka kalla, sa sunan shirin a Muted words na X, ka riƙa danna Not interested ga bidiyon masu sharhi a YouTube da TikTok har ka kamo.

A shago kuma, canza tambayar. Ka ce, "Malam, waɗanda ka tura wa zango na ɗaya, suna dawowa neman na biyu?" Shi ya fi kowa sani, kuma amsar e ce ko a'a.