Tela da Lissafin Sallah

Idan ka biyo ta shagon tela a goman ƙarshe na azumi, da wuya ya amsa maka sallama da baki. Allura ce a leɓensa, tef a wuya, ledojin shadda sun kai rufi, janareta na ruri har sahur. Dawo bayan sallah da mako uku, za ka tarar da shi zaune a benci yana korar ƙuda, yaransa na barci a kan teburin yanka. Wannan cika da ramewa ba laifin kowa ba ne, haka sana'ar take. Abin da ke raba teloli shi ne wanda ya yi lissafi tun cikin Sha'aban.

Lissafin farko ba na kuɗi ba ne, na kwanaki ne. Mu ƙaddara tela mai keke biyu da yaro ɗaya yana iya kammala kaftani huɗu a rana, har da guga. Azumi kwana 29 ne ko 30. A cire kwana ukun ƙarshe, domin na gyaran hannun da ya yi tsawo ne da wandon da ya matse. A cire wasu kwana uku saboda juma'a, rashin wuta da keken da zai tsaya cak. Saura 24, wato ɗinki 96. Ranar da littafinsa ya nuna 96, ranar ya kamata ya rufe karɓa, ko da azumi bai kai goma ba. Na ɗari da ɗaya shi ne wanda za a zo da daren sallah a tsaya a ƙofar shago ana ɗaga murya, kuma shi ne ke jawo wa teloli sunan rashin cika alkawari.

Sau da yawa ma ba keken ne ke tsayar da aiki ba, mai aikin wuya ne. Teloli goma na iya dogara da injin kwalliya ɗaya a unguwa, kowa na cewa nasa na gaggawa ne. Mai dabara yakan yanka masu aiki tun farkon azumi ya aika, ya bar marasa aiki zuwa ƙarshe. Zare, sitif, maɓalli da zif kuwa, a saye su kafin a ga wata, kafin Kantin Kwari ya cika har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa.

Sai tarkon da ya fi kama mutane: kuɗin kafin alƙalami. Aljihu ya yi nauyi, tela ya ɗauka ya samu, alhali kuɗin aikin da bai yi ba ne. Ya sayi waya, ya yi cefanen sallah, ran 25 ga azumi kuma babu na mai, babu na sallamar yara. Alamar ita ce ka ga ana biyan tsohon aiki da kuɗin sabon ɗinki.

Ko ribar gaskiya ma ba ta sallah kaɗai ba ce. A ce kowane kaftani ya bar masa naira 3,000 bayan an cire komai. 96 sun ba shi 288,000. Idan riƙe shagon na cin 40,000 a wata, kuma ya san wata uku za su zo babu aikin kirki, to 120,000 ba tasa ba ce, ta waɗannan watannin ce. A raba ta da aljihu, ko banki ko adashin da kwasarsa za ta faɗo daidai lokacin biyan haya.

Waɗanne watanni ne? Nan ne da yawa ke kuskure, domin sallah ba ta zama wuri ɗaya. Kowace shekara tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. A 2008 ƙaramar sallah ta zo ne a bakin kaka, manomi na shirin cika rumbu. A 2025 ta faɗo ƙarshen Maris, cikin bazara, babbar kuma farkon Yuni, daidai lokacin da kuɗin magidanci ke tafiya ga taki da rago. Shi ya sa telan karkara ba zai auna babbar sallah da mudun ƙarama ba. Wasu ma kayan ƙaramar suke maimaitawa.

Damina kuwa ba ta zama banza. Lokacin duba keke ne da koya wa yaro yanka, kuma tun Agusta ake neman ɗinkin kayan makaranta, kafin bukukuwan kaka su kankama.

Kai kuma mai kai ɗinki, kai yadinka tun cikin Sha'aban. Idan tela ya ce maka ya rufe karɓa, kada ka haɗa shi da Allah da Annabi, nemi wani.