Sirrin layuka huɗu na iskar haidirojin

Bakan gizon da ke fitowa a kan duwatsun Roni ko gefen madatsar ruwa ta Kazaure bayan ruwan sama launukansa a haɗe suke, ja ya narke cikin ruwan ɗorawa, wannan ya shige kore, har a kai ga shunayya. Haka hasken rana yake idan ɗigon ruwa ya warware shi. To, a ɗauki iskar haidirojin, wadda ita ce mafi yawan abin da ke cikin ranar, kuma tana cikin kowane ɗigon ruwan da muke sha, a zuba ta cikin siririn bututun gilashi, a sa mata lantarki mai ƙarfi. Za ta yi haske ja-ja mai ratsin shunayya. Idan aka bi da wannan hasken ta cikin gilashi mai kusurwa uku don a warware shi, ba za a ga bakan gizo ba. Duhu za a gani, da siraran layuka huɗu a tsaye: ja ɗaya, shuɗi mai ratsin kore ɗaya, shuɗi ɗaya, shunayya ɗaya.

Kuma ba sa gusawa. A ƙara wuta su ƙara haske, a rage su dushe, amma kowane yana nan inda yake. Me ya hana haidirojin ba da sauran launukan? Wannan tambaya ta shafe kusan shekara hamsin tana wahalar da masana.

Kafin a bi sawun amsar, sai an san da me ake auna launi. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo yana neman sashen Hausa a kan mita 31 ya riga ya san rabin zancen. Mita 31 ɗin nan tsawon zango ne, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiyar rediyo ɗaya da na gaba. Igiyar tana gudu da saurin haske, mita miliyan 300 a daƙiƙa. A raba wannan gudun da 31, za a samu kusan miliyan 9.7, wato sau nawa igiyar ke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Dokar ke nan: c = fλ, inda c shi ne saurin haske, f yawan kaɗawa, λ tsawon zango. Idan zango ya gajarta, kaɗawa ta ƙaru. Haske da igiyar rediyo dangi ɗaya ne, sai dai zangon haske ƙanƙane ne ƙwarai, da nanomita ake auna shi, kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon mutum yana gani daga wajen nanomita 400, shunayya, zuwa wajen 700, ja.

Anders Ångström na ƙasar Suwidin ya auna layukan haidirojin a shekarun 1860, kuma awonsa ya yi daidai matuƙa. A ma'aunin yau su ne 656.3, 486.1, 434.0 da 410.2. A duba tazarar da ke tsakaninsu: daga na farko zuwa na biyu 170, sai 52, sai 24. Suna matsar juna kamar akwai wata iyaka da suka nufa. Wannan ita ce alama ta farko, amma ba wanda ya iya karanta ta.

Wanda ya fara karantawa ba shahararren masani ba ne. Johann Balmer malamin lissafi ne a wata makarantar 'yan mata a birnin Basel na Suwizalan, yana da shekara 60 a 1885 lokacin da ya wallafa abin da ya gano. Ya juya lambobin nan har ya ga cewa dukansu daga lamba ɗaya suke fitowa, wato 364.6. A ninka ta da 9/5, a sami 656.3. A ninka ta da 16/12, a sami 486.1. Da 25/21 a sami 434, da 36/32 a sami 410. Lambobin sama su ne 3, 4, 5 da 6 kowace an ninka ta da kanta, na ƙasa kuma su ne dai, an cire musu 4. A taƙaice λ = 364.6 × n²/(n² − 4). Ƙa'idar ta yi hasashen layi na biyar kusa da 397, a bakin iyakar abin da ido ke gani, kuma ya tabbata akwai shi.

Sai dai Balmer ya samo makulli ne bai san wace ƙofa yake buɗewa ba. Me ya kawo 3, 4, 5, 6 cikin zancen iska? Me ya sa 4 ake cirewa ba 5 ba? Johannes Rydberg ya juya ƙa'idar a 1888, ya rubuta ta da 1/λ, sai ta fito a matsayin bambancin abu biyu: 1/2² a cire 1/n². Nan ne alama ta biyu. Kowane layi ragowar wani abu ne da aka ɗebe daga wani, kuma 4 ɗin Balmer ashe 2 ce aka ninka da kanta. Amma menene ake ɗebewa?

Amsar ta biyo ta wata hanya dabam. Max Planck a 1900, sannan Albert Einstein a 1905, sun nuna cewa haske ba kwarara yake yi babu yankewa ba. Ƙulli-ƙulli yake fita, kowane ƙulli, wanda daga baya aka kira fotan, yana ɗauke da kuzari daidai gwargwadon yawan kaɗawarsa: E = hf. Wannan h lamba ce tsayayya, 6.63 × 10⁻³⁴. Ma'anarsa ita ce launi awon kuzari ne. Fotan shuɗi ya fi fotan ja kuzari, kuma ƙara hasken jar fitila yawan fotan kawai yake ƙarawa, ba ya ƙara wa kowanne ƙarfi. Saboda haka layuka huɗu na nufin haidirojin tana sakin kuzari ne a ƙulli huɗu masu ƙayyadadden girma.

Niels Bohr, matashi ɗan ƙasar Denmak, shi ya haɗa zaren. Ernest Rutherford ya riga ya nuna a 1911 cewa atam yana da ƙaramar cibiya mai nauyi, elektiron yana wajenta. A farkon 1913 wani abokin aikin Bohr ya ja hankalinsa ga ƙa'idar Balmer, kuma cikin wannan shekarar ya fitar da bayaninsa. Ya ce elektiron ɗin haidirojin ba ya iya riƙe kowane irin kuzari da ya ga dama. Kamar mai shiga rijiya ne wadda aka sassaƙa wa matakai a jikin bango: ko ya tsaya a wannan mataki ko a wancan, babu wurin sa ƙafa a tsakani. Zurfin kowane mataki daga bakin rijiyar shi ne E = −13.6/n², a ma'aunin eV, wanda ake auna kuzarin atam da shi. Mataki na 1 shi ne ƙasan rijiya, −13.6. Na 2 yana −3.40, na 3 yana −1.51, na 4 yana −0.85. Matakan suna matsar juna yayin da ake kusantar baki, kamar yadda layukan Ångström suka yi.

Lantarkin da aka sa wa bututun yana cilla elektiron sama. Ba ya daɗewa can sai ya faɗo, kuma kuzarin da ya rasa a faɗuwar yana fita a matsayin fotan guda. Bari mu gwada da faɗuwa daga mataki na 3 zuwa na 2. Bambancin shi ne 3.40 a cire 1.51, saura 1.89 eV. Kowane eV ɗaya jul 1.602 × 10⁻¹⁹ ne, don haka fotan ɗin yana ɗauke da kusan jul 3.03 × 10⁻¹⁹. A raba da h, za a sami kaɗawa sau 4.57 × 10¹⁴ a daƙiƙa. A raba saurin haske da wannan, sai ga 6.56 × 10⁻⁷ na mita, wato nanomita 656. Jan layin nan ke nan da Ångström ya auna tun kafin a haifi Bohr. Daga na 4 zuwa na 2 tazarar ta fi, 2.55 eV, shi ya sa zangon ya gajarta zuwa 486. Ita kuwa 364.6 ta Balmer, faɗuwa ce tun daga bakin rijiya zuwa mataki na 2, wato 3.40 eV cif, kuma babu layin wannan jerin da zai wuce ta.

Saura tambaya ɗaya, kuma ni a ganina ita ce ta fi daɗi. Me ya sa kowane layi yake ƙarewa a mataki na 2? Ina masu faɗawa har ƙasa? Suna nan, idonmu ne ba ya ganinsu. Daga na 2 zuwa na 1 tazarar 10.2 eV ce, wadda ke ba da nanomita 121.6, can bayan shunayya. Theodore Lyman ya gano wannan jerin a Amurka. Masu tsayawa a mataki na 3 kuma kuzarinsu kaɗan ne, haskensu yana bayan ja, kamar layin 1875 na jerin da Friedrich Paschen ya auna a 1908. Ashe haidirojin ba layi huɗu gare ta ba. Huɗun nan su ne suka faɗo cikin 'yar tagar da ido ke gani.

A rana abin a juye yake bayyana. Tun 1814 Joseph Fraunhofer ya ga siraran baƙaƙen layuka a cikin hasken rana da aka warware, ya sa musu haruffa. Wanda ya kira C yana kan 656, wanda ya kira F yana kan 486. Haidirojin da ke saman rana ce take haɗiye fotan masu wannan kuzarin don elektiron ya hau daga mataki na 2 zuwa na 3 ko na 4. Ta irin waɗannan layukan aka san abin da ke cikin taurarin Kaza da 'Ya'yanta, ba tare da kowa ya je can ba.

Kada dai a ɗauki Bohr fiye da inda ya tsaya. Lissafinsa yana aiki ne ga atam mai elektiron ɗaya. Da aka kai shi kan hiliyam mai biyu, sai ya kasa. Kuma tun 1887 an ga cewa jan layin nan ba ɗaya ba ne, biyu ne manne da juna. Sai a 1926 Erwin Schrödinger ya kawo lissafin da ya maye gurbin hoton elektiron mai kewaya cibiya, amma matakan −13.6/n² suka fito daga nasa lissafin yadda suke.

Ɗalibin sakandare a Babura ko Gwiwa, ko na Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ba lallai ya sami bututun haidirojin ba, amma tsohon faifan bidiyo ya isa ya ga irin abin. A karkata shi a ƙarƙashin dogon ƙwan lantarki fari irin na da, za a ga launuka a rarrabe da duhu-duhu tsakaninsu, saɓanin na fitilar kananzir da ke fitowa a haɗe. Waɗancan layukan ba na haidirojin ba ne, na zaiba ne da hodar da aka shafa cikin ƙwan, amma dalilin ɗaya ne.

A jarrabawa kuwa, wuri biyu ake yawan faɗuwa. Wasu suna raba eV da h kai tsaye ba su mayar da shi jul ba, sai amsa ta fito da wata lamba da ba ta yi kama da haske ba. Wasu kuma suna ɗaukar kuzarin mataki ɗaya maimakon bambancin biyu. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a raba 1240 da kuzarin da ke cikin eV, za a sami zango a nanomita. Mai karatu ya gwada faɗuwa daga mataki na 5 zuwa na 2 da kansa. Idan bai sami wajen 434 ba, ya koma ya duba 13.6 a raba da 25.