Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka mayar da albashinka dala

Ma'aikacin da ke zaune a Rijiyar Lemo, da zarar albashi ya shigo ya cire na haya da na cefane, yakan buɗe waya ya duba jadawalin farashin dala, yana shawarar ko ya hau adaidaita sahu ya nufi Wapa yau, ko ya dakata sai wani mako. Jadawalin yana da amfani, amma amfaninsa na da iyaka. Yana nuna maka inda farashi ya biyo da inda ya tsaya yanzu. Ba ya faɗin farashin gobe.

Farashin wa kake kallo?

Idan ka ga USD/NGN a saman zanen, ana nufin naira nawa ke sayen dala ɗaya. Layi ya yi sama, dala ta yi tsada, naira ta faɗi. Mai son saye saukar layin yake nema.

Sai dai alƙaluman da Google ko XE ke nunawa sun fi bin kasuwar bankuna, wadda Babban Bankin Najeriya ke fitar da farashinta. Ɗan canjin Wapa da nasa farashin zai sayar maka. Kafin 14 ga Yunin 2023, ranar da Babban Banki ya haɗe kasuwanninsa na canji, dala tana wajen naira 460 a hukumance, alhali a hannun 'yan canji ta kai wajen 750. Yanzu tazarar ta ragu sosai, amma ba ta ɓace ba. Akwai kuma wani jadawali mai suna DXY da ke ruɗar mutane. Shi dala yake aunawa da manyan kuɗaɗe shida, irin su yuro da fam da yen, babu naira a ciki. Yana iya sauka alhali dala na hawa a Fagge.

Tsaunin da ba tsauni ba

Kafin ka kalli layin, duba lambobin da ke gefensa. Manhajar waya tana miƙe zanen ya cika fuskar wayar ko da motsin ƙanƙane ne. Idan ƙasan zanen 1,480 ne, samansa 1,500, za ka ga layi ya cilla kamar dutsen Dala, alhali hawan bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. A kan dala 100, naira 2,000 ke nan.

Daga nan sai ka duba tsawon lokacin. 1D kwana ɗaya ne, 1M wata ɗaya, 1Y shekara ɗaya. Zanen kwana ɗaya na masu juya miliyoyi kullum ne. Mai albashi ya buɗe na wata uku ko shida, ya gano farashi mafi tsada da mafi araha a tsakanin, ya ga wanne farashin yau ya fi kusanta.

Abin da ya faru a 2024

A Fabrairun 2024 dala ta yi ta hawa kusan kullum har ta kai wajen naira 1,900 a kasuwar bayan fage. Ko'ina magana ɗaya ake yi: ka saya yanzu, za ta wuce 2,000. A ƙarshen watan Babban Banki, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 22.75 cikin ɗari, ya koma sayar wa 'yan canji dala, sannan a farkon Maris ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173. Zuwa tsakiyar Afrilu dala ta sauko wajen 1,100.

A ce wani malamin makaranta ya ɗauki adashen naira 570,000 a makon da ake wancan rububi. Ya zuba su gaba ɗaya a 1,900, ya samu dala 300. A Afrilu lalurar asibiti ta taso, dole ya sayar a 1,100, aka ƙirga masa naira 330,000. Naira 240,000 ta tafi cikin wata biyu.

Da ya raba kuɗin gida uku, 190,000 kowane kashi, ya sayi na farko a 1,900, na biyu a 1,500, na uku a 1,200, da ya tara wajen dala 385, kowace ta zo masa a kan 1,480. Bai san inda farashi zai tsaya ba, amma rabon ya sa kuɗinsa sun fi sayen dala a lokacin da take araha.

Alamu biyu sun fito fili a wancan Fabrairun. Layin ya miƙe tsaye cikin 'yan makonni, kuma farashin titi ya yi wa na banki nisa da ɗaruruwan naira. Idan waɗannan biyun suka haɗu, tsoro ne ke tura farashi, kuma a ganina wannan ne lokacin da mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya rage hannu.

Dabarar rabon ma tana da inda take cin mutum. Daga Yuni zuwa Disambar 2023 dala ta tashi daga wajen 750 zuwa wajen 1,200, don haka wanda ya saya gaba ɗaya tun farko ya fi wanda ya raba samun dala. Wanda kuma ya zauna jiran ta faɗo ƙasa da 1,000 a Afrilun 2024, sai ganinta ya yi ta koma wajen 1,500 a watan Mayu. Rabo yana rage girman kuskure ne kawai.

Abin da jadawali ba ya nunawa

Ɗan canji farashi biyu gare shi, na saye da na sayarwa. Idan yana sayarwa 1,500 yana saye 1,480, to kana karɓar dala 100 ka yi asarar naira 2,000 nan take, sai farashi ya hau da naira 20 kafin ka dawo da uwar kuɗinka. Shi ya sa kuɗin hayar da za ka biya nan da wata biyu bai dace a mayar da su dala ba. Haka nan zaman jiran saukar naira 10 a kan dala 100, ribarsa naira 1,000 ce, zirga-zirgar Wapa kaɗai na iya cinye ta.

Dala kuma ba kullum take kare mutum ba. Wanda ya saya a wajen 1,700 a Nuwambar 2024 ya ga ta sauko ƙasa da 1,500 a ƙarshen 2025, alhali hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Dalar da ke kwance a akwati ba ta haihuwa.

Idan ka isa Wapa

Tambayi mutum biyu ko uku farashi kafin ka fito da kuɗi, kuma ka nemi na saye da na sayarwa a tare. Ka fi neman sabuwar takardar dala 100 mai shuɗin zare, wadda Amurka ta fitar a 2013, domin tsohuwa da mai tabo da ƙananan takardu irin su 10 da 20 sau da yawa ana karya musu farashi ranar sayarwa. Idan abin da kake warewa a wata bai kai dala 100 ba, tara na wata biyu ko uku ka sayi takarda ɗaya. Kada ka tura naira a kan alƙawarin "Malam, zuwa yamma za a kawo maka". Malaman fiƙihu sun sharɗanta canjin kuɗi ya zama hannu da hannu, don haka ka karɓi takardarka, ka ɗaga ta a haske ka ga hoton da ke ɓoye a cikinta, ka karkata ta ka ga zanen da ke cikin shuɗin zaren yana motsi, sannan ka bar wurin.