An zare kuɗi a asusu, na'ura ba ta ba da ko sisi ba: ina mafita?

Na'urar ATM ta karɓi kati, ka danna lambar sirri, ka nemi Naira 20,000. Ta yi ƙugin ƙirga kuɗi, sannan ta yi tsit ta turo maka katinka. Kafin ka juya, alat ya shigo waya cewa an cire 20,000 daga asusunka. Abin da yawancin mutane ke yi a nan shi ne su faɗa cikin bankin da ke da na'urar suna sababi, ko su tsaya yi wa maigadi bayani. Duka biyun ɓata lokaci ne, domin kuɗin suna da hanyar da suke bi su dawo, kuma hanyar tana farawa ne daga bankin da ya ba ka kati, ba daga mai na'ura ba.

Sai an san abin da ke faruwa a cikin 'yan daƙiƙun nan kafin a gane dalili. Idan ka sa katin bankinka a na'urar wani banki, ɓangare uku ne ke magana da juna. Na'urar tana aika tambaya ta hannun kamfanin da ke haɗa bankuna, irin su Interswitch, zuwa bankinka: shin mutumin nan yana da 20,000? Bankinka ya duba, ya cire kuɗin nan take, ya amsa cewa a biya shi. Wato cirewa ce ke riga biya, kullum haka tsarin yake. Idan amsar ta maƙale a hanya saboda sabis ya yanke, ko wuta ta ɗauke, ko wata tsohuwar takardar kuɗi ta cije a cikin na'urar, to an cire amma ba a biya ba. A ƙa'ida na'urar za ta sake aika saƙo cewa ban biya ba, a mayar masa, shi ya sa sau da yawa kuɗi ke dawowa da kansu cikin mintuna. Matsala tana tasowa ne idan wannan saƙo na biyu shi ma ya ɓace.

Babban Bankin Najeriya, CBN, ya sa wa'adi a kan wannan tun ranar 8 ga Yunin 2020. Idan na'urar bankinka ce, kuɗin su dawo nan take, idan kuma hakan ya faskara saboda matsalar na'ura, ma'aikata su mayar da hannu cikin awa 24. Idan na'urar wani banki ce, kada a wuce awa 48. Na POS da sayayya ta intanet kuwa awa 72 ne. Haka yake a rubuce. A aikace, duk abin da ke buƙatar hannun ma'aikaci yakan ja idan ya faɗo a Asabar da Lahadi ko hutun Sallah, amma sanin wa'adin yana sauya yadda ake sauraron mutum a gaban teburi. Wanda ya ce awa 48 ta cika tun jiya ba a cika sallamar sa da "je ka dawo" ba.

Mu ɗauka wani tela ne a Kano, da yammacin Juma'a, yana son kuɗin sallamar yaran shago. Katinsa na wani banki ne, na'urar da ya samu babu layi ta wani banki ce daban. Da ƙarfe 5:42 ya nemi 20,000, na'ura ta yi ƙara ba ta ba da komai ba, alat ya shigo. Ya ce bari ya sake, da ƙarfe 5:45 ya sake neman 20,000, wannan karon ta biya. Ya tafi gida da dubu ashirin a aljihu, alhali an cire masa dubu arba'in, haɗe da cajin Naira 100 sau biyu, wanda ake yi wa duk mai cire 20,000 a na'urar da ke harabar wani banki tun daga 1 ga Maris 2025.

Sake gwadawar da ya yi ita ce ta dagula lissafin. Yanzu akwai cirewa biyu masu adadi ɗaya, a na'ura ɗaya, a rana ɗaya, minti uku tsakani. Idan ya je banki ranar Litinin ya ce kawai an cire masa dubu ashirin ranar Juma'a, ma'aikaci na iya shigar da ƙorafi a kan ta 5:45, bankin mai na'ura ya duba ya ga lafiya ƙalau aka biya, ya ƙi amincewa. Tela zai rantse ya maya cewa an cuce shi, banki ya dage cewa ya karɓi kuɗinsa, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa. Da a ce da aka ƙi biyan sa ya canza na'ura, ko ya nemi wani adadi daban, kamar 15,000, da ba a samu wannan ruɗani ba.

Saboda haka aikin farko a gaban na'urar yake. Kada a yi gaggawar barin wurin. A tsaya minti ɗaya ko biyu har allon ya koma shafin farko, domin wata na'urar takan yi nawa ta fito da kuɗin bayan mai su ya ba da baya, na bayansa ya kwashe. Idan haka ta faru, a lissafin banki an biya ka, kuma dawo da su sai an kai ga duba kyamara. A lura da bakin da kuɗi ke fitowa: idan akwai alamar an manna wani abu a kai, kada a matsa, a kira ma'aikacin tsaro, don ɓarayi kan toshe bakin su jira mutum ya tafi. Sannan a ɗauki hoton allon idan ya rubuta wani saƙo, a riƙe rasit idan ya fito, a rubuta lokaci da adadi da sunan banki da unguwar da na'urar take. Alat ɗin nan kuma kada a goge shi, shi ne babban shaidarka. Idan kuɗin sun fito amma ba su cika ba, a ƙirga su nan take a gaban na'urar, inda kyamara ke gani.

Kafin a tafi banki, a duba ko kuɗin sun riga sun dawo. Ba kullum ake turo alat na mayarwa ba. A duba abin da ya rage a asusu, ko a buɗe manhajar banki a nemi layi mai adadi ɗaya da wanda aka cire, galibi da alamar RVSL ko REV a gefensa. Mutane da dama sun sha layi a banki a kan kuɗin da tun daren jiya suke zaune a asusunsu.

Idan ba su dawo ba, ba sai an jira wa'adi ya cika kafin a kai ƙorafi ba. Telanmu zai iya shigar da shi tun daren Juma'ar ta manhajar bankinsa, ko ya kira lambar da ke bayan katinsa, ko ya bari sai Litinin ya je kowane reshe na bankinsa ya cika fom. Sunan da ake rubuta wa matsalar a fom da manhaja shi ne Dispense Error. Abin da zai faɗa a fili shi ne: ta ƙarfe 5:42 ce ba ta biya ba, ta 5:45 ta biya. Ya roƙi ma'aikacin ya nuna masa lambar wannan cirewar, wadda suke kira RRN, domin kowace cirewa da tata, kuma da ita ake bin sawu. Kada ya bar teburin sai an ba shi lambar ƙorafi. Ƙorafin da ba shi da lamba tamkar bashi ne da ba a rubuta ba, ranar da aka musanta shi ke nan.

Me ya sa sai bankinsa? Domin bankin mai na'ura bai san shi ba, ba ya ganin asusunsa, ba shi da ikon zuba masa ko kwabo kai tsaye. Bankin da ya ba da kati ne ke tura buƙatar a hukumance, shi kuma mai na'ura ya amsa. Ba laifi ba ne a leƙa a shaida musu cewa na'urarsu tana cin kuɗin mutane, don su rufe ta, amma wannan taimakon jama'a ne, ba shi ne ƙorafin ba.

A can ɓangaren, ba rantsuwa ake dubawa ba. Kowace na'ura tana rubuta duk abin da ta yi a wani kundi na cikinta: ƙarfe kaza an sa kati, an nemi kaza, an fitar ko ba a fitar ba, ga irin matsalar da ta faru. Bayan wannan, idan aka buɗe ta ana ƙirga kuɗin da suka rage, har da waɗanda ta jefa a akwatin takardun da ta kasa fitarwa. Idan lissafi ya ce ya kamata a samu miliyan biyu, aka samu miliyan biyu da dubu ashirin, to rarar nan ta tela ce. Ga kuma kyamara a matsayin shaida ta uku. Wannan ne ya sa bai kamata a yi sakaci ba. Hotunan kyamara ba a ajiye su har abada, ƙorafin da aka kawo bayan wata uku ya fi na kwana uku wahalar tabbatarwa.

Idan amsa ta dawo cewa an ƙi, wai na'ura ta biya, ba nan ne ƙarshe ba. Tela ya fara tambaya wace lambar RRN aka bincika, don wataƙila ta 5:45 ce. Idan daidai aka shigar, ya nemi a sake buɗe ƙorafin a rubuce, ya buƙaci a kawo kundin na'urar na wannan lokaci da hoton kyamara. Idan kuɗin suka dawo, ya duba har da Naira ɗarin caji. Ba ta da yawa, amma ba a yi masa aikin da aka caje shi a kai ba.

Idan banki ya yi biris, ko amsarsa ba ta gamsar ba, akwai Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna a CBN. Sharaɗinsu shi ne sai ka fara kai kuka bankinka ka ba shi mako biyu. Bayan nan sai ka rubuta zuwa cpd@cbn.gov.ng, ko ka kai takarda reshen CBN da ke jiharka. A takardar a sa suna da lambar waya, sunan banki, rana da adadin kuɗi, lambar ƙorafin da banki ya bayar, da hoton alat. Ba a biyan ko sisi. Ba a kuma rubuta lambar sirri a ciki.

Wannan na ƙarshe ya shafi dukan tafiyar. Wanda ransa ya ɓaci yakan hau Facebook ko X ya zayyana abin da ya same shi, nan da nan wani shafi mai tambarin banki ya shigo masa ta akwatin saƙo da ladabi, ya ce a turo lambar kati da lambobi ukun bayansa da lambar OTP don a mayar da kuɗi yanzu-yanzu. 'Yan damfara ne. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, lambar asusu da bayanin cirewar sun isa. Wanda ya ba da su kuwa, CBN ba ta yi wa irin nasa alkawarin awa 48 ba, domin ƙorafinsa ya tashi daga na kuskuren na'ura ya koma na zamba, wanda bincikensa daban ne kuma babu tabbas kuɗin za su dawo.