Gurbin da Sakatare Ba Ya Cikewa da Kansa

Zaman daraktocin kamfani yakan tashi a bar mutum ɗaya da aiki. Shugaba ya rufe taro, kowa ya kama gabansa, shi kuwa sakataren kamfani sai ya koma ofis da littafinsa cike da gajerun rubuce-rubuce, ya fara mayar da su bayanan zama. A nan ne yakan tarar da gurbi. An yanke shawara, ya ji da kunnensa, amma adadin kuɗin da aka yanke shawarar a kansa bai zauna daram a takarda ba. Wanda ya faɗi adadin ya faɗe shi ne da baki, da sauri, yana duba wayarsa, kuma takardar da ya karanto bai miƙa wa kowa ba.

Wannan sakatare dai ba mai buga takardu ba ne. Jami'in kamfani ne da doka ta san da zamansa. A Najeriya, dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ita ta ɗora masa halartar taruka, da riƙe littattafan kamfani, da aika bayanai ga Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC. Dokar ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni, ba dole sai sun naɗa sakatare ba, amma ba ta ɗauke wa kamfanin da ke da masu hannun jari fiye da ɗaya wajibcin rubuta abin da aka yi a zaman daraktoci da taron masu hannun jari ba. Ta kuma ce idan shugaban zaman, ko shugaban zama na gaba, ya sa hannu a kan bayanan, sun zama hujja: za a ɗauka abin da ke ciki shi ne ya faru, sai in wani ya kawo abin da ya rushe shi. Banki na neman kwafin ƙudurin daraktoci kafin ya ba da bashi. Masu binciken kuɗi na karanta littafin a ƙarshen shekara. In rigima ta kai kotu, shi ake buɗewa. Shi ya sa lambar da ta ɓace take hana sakatare barci.

Mu ɗauki misali. A ce kamfanin casar shinkafa ne a Kano, mai hannun jari miliyan 20. A zaman daraktoci, daraktan kuɗi ya kawo batu biyu. Na farko rabon riba ga masu hannun jari. Na biyu sayen sabon janareta. Duka an amince. Da sakatariya ta zauna rubutu, sai ta ga a ƙarƙashin batu na farko ta rubuta "kobo 25 kowane hannun jari", can gefe kuma "jimilla naira miliyan 4.5". A ƙarƙashin na biyu babu komai sai "wajen miliyan 80".

Duk wanda ya iya lissafi zai ga matsalar farko. Kobo 25 sau miliyan 20 naira miliyan 5 ke nan, ba 4.5 ba. Ina rabin miliyan ya shiga? Sakatariyar tana da zato, kuma zato ne mai kyau. A Najeriya ana cire harajin kashi 10 cikin ɗari daga ribar hannun jari kafin ta isa hannun mai ita. Cire kashi 10 daga miliyan 5, abin da ya rage miliyan 4.5. Wato ƙila darakta ya faɗi kobo 25 kafin haraji, ya kuma faɗi jimillar bayan haraji. Amma akwai wata fassarar. Ƙila miliyan 4.5 ɗin ce ainihin abin da kamfani ya ware, wanda ke nufin kobo 22.5 ne kowane hannun jari, kunnenta ne ya ji 25. Lissafi biyun duk suna tsayawa da ƙafarsu. Kuma ba ƙaramin bambanci ba ne, domin babban taron masu hannun jari yana da ikon rage abin da daraktoci suka ba da shawarar a raba, amma ba shi da ikon ƙara shi. Abin da ta rubuta shi ne rufin da ba a wucewa.

Da yawa daga masu wannan aiki a nan suke zamewa. Zaton ya yi daidai da hankali, darakta mutum ne mai wuyar samu, sai kawai a cike gurbin a wuce. A ganina wannan shi ne kuskure mafi muni a sana'ar, ko da zaton ya zo daidai. Sakatare shaida ne, ba alƙali ba. Ranar da ya fara rubuta abin da ya kamata a ce an faɗa, littafin ya tashi daga na kamfani ya koma nasa.

Saboda haka sai wasiƙa. A ofisoshinmu galibi da Turanci ake rubuta ta, yau kuma ta imel take tafiya, amma abin da ke cikinta kamar haka ne:

"Ranka ya daɗe, ina kan shirya bayanan zaman daraktoci na ranar 11 ga wata, kuma akwai wurare biyu da nake neman taimakonka kafin in miƙa wa Shugaba.

"Batu na 5, rabon riba: na rubuta kobo 25 kowane hannun jari, da jimillar naira miliyan 4.5. A kan hannun jari miliyan 20, kobo 25 na ba da naira miliyan 5. Ina roƙon ka tabbatar mini da adadin da ka gabatar wa zaman, kuma ko jimillar kafin cire haraji ce ko bayansa.

"Batu na 7, sayen janareta: na rubuta wajen naira miliyan 80. Ina neman ainihin farashin da ke kan takardar mai sayarwa da ka karanto a zaman, tare da kwafin takardar, don in haɗa ta da bayanan.

"Abin da nake nema shi ne alƙaluman kamar yadda suke a ranar zaman. In wani abu ya canja tun daga lokacin, a sanar da ni daban, zan sa shi cikin batutuwan zama na gaba. Zan miƙa daftarin ga Shugaba ranar 21 ga wata, don haka zan ji daɗi in samu amsa zuwa ranar 18. Na gode, Allah ya ƙara girma."

A lura ba ta ce "a turo mini alƙaluman zaman jiya" ba. Irin wannan buɗaɗɗen roƙo shi ke kwana a akwatin darakta, don amsa shi aiki ne. Ta ambaci lambar batu, ta nuna abin da ta rubuta, ta nuna inda bai haɗu ba, har darakta zai iya amsawa da layi biyu yana cikin mota. Ba ta kuma ɗora masa laifi ba, ko da yake shi ne bai raba takarda ba. Ta sa rana, ta faɗi dalilin ranar. Ta nemi takarda, ba ƙwaƙwalwarsa kaɗai ba, domin bayan mako guda shi kansa yana iya tuna abin da ya so ya faɗa maimakon abin da ya faɗa. Ko da sun yi maganar a waya ko sun haɗu a masallacin ofis, sai ta bi da rubutu, don amsar ta zauna a fayil.

Sakin layi na ƙarshe na wasiƙar shi ne zuciyarta, kuma batun janareta zai nuna dalili. A ce darakta ya amsa: rabon riba kobo 25 ne, miliyan 5 kafin haraji, zatonta ya yi daidai. Wannan ya warware. Amma a kan janareta sai ya rubuto naira miliyan 84. Da ta buɗe takardar da ya haɗo, sai ta ga kwanan watanta 16 ne, kwana biyar bayan zaman. Ashe takardar da ya karanto ranar 11 naira miliyan 78.6 ce, dala ta motsa, mai sayarwa ya aiko da sabon farashi, darakta kuma da zuciya ɗaya ya turo na baya-bayan nan, yana ganin shi ne daidai.

Daidai ne a kasuwa, amma ba daidai ba ne a littafin. Daraktoci ba su taɓa jin miliyan 84 ba. In ta rubuta shi, ta ba da izinin kashe ƙarin naira miliyan 5.4 da babu wanda ya ɗaga hannu a kansa, kuma sa hannun Shugaba zai mayar da hakan hujja. Ba sai da mugun nufi ake samun wannan ba, ko da yake mai mugun nufi ma ta wannan ƙofar yake shigowa. Yadda ake gane shi kuwa ba wuya: a duba kwanan watan takarda, a gwada adadin da abin da aka rubuta da hannu a zaman, a ga ko akwai wani daraktan da ya tuna jin sa. "Wajen 80" ya fi kusa da 78.6 fiye da 84, kuma wanda zai faɗi 84 ba zai ce wajen 80 ba.

To yaya za ta yi? Ta rubuta 78.6 a bayanan ranar 11, ta haɗa tsohuwar takardar. Sabon farashin kuma ya jira zama na gaba, a tashe shi cikin batutuwan da suka taso daga bayanan baya. In mai sayarwa ba zai jira ba, doka ta buɗe wata hanya: ƙuduri a rubuce wanda duk daraktoci suka sa wa hannu yana da ƙarfin wanda aka yanke a zama. Sharaɗin shi ne duka, ba rinjaye ba. Daraktan da ke Umara ma sai an cim masa.

Wani lokaci binciken yakan tono abin da ya fi haka. Sai a gano babu wani tsayayyen adadi da aka faɗa a zaman gaba ɗaya, "wajen 80" ɗin ce kawai, kowa ya gyaɗa kai. Nan ma ba a ƙirƙira. Bayanan za su ce an amince da sayen bisa ƙiyasin kusan naira miliyan 80, ba a gabatar da takardar farashi ba. Ba daɗin karantawa, amma gaskiya ce, kuma takan sa daraktoci su fara neman a raba musu takardu kafin zama.

In kuwa darakta ya yi shiru har ranar 18 ta wuce, sai tunatarwa ɗaya, gajeriya, a sa Shugaba cikin waɗanda za su gani. Bayan nan daftarin ya tafi a ranarsa, da alama a gurbin cewa ana jiran tabbaci daga daraktan kuɗi. Ba a riƙe bayanan zama gaba ɗaya saboda layi biyu, domin kowane mako da ya wuce ƙwaƙwalwar sauran daraktoci ma tana dushewa. A zama na gaba, kafin a amince da bayanan, Shugaba zai tambayi mai adadin a gaban kowa, a cike gurbin, a rubuta cewa an cike shi da yardar zama.

Duk wannan hanzari saboda abu ɗaya ne. Daftari ana gyara shi sau nawa aka ga dama. Amma da zarar an amince, Shugaba ya sa hannu, ba a kankarewa, ba a cire shafi a sa wani. Kuskuren da aka gano daga baya sai dai a kawo shi wani zama, a rubuta gyaran a bayanan wannan zaman tare da nuni ga na farko, tsohuwar lambar kuma tana nan inda take, duk mai binciken da ya buɗe littafin zai gan su duka biyu.