Shekarar Haihuwa a Cikin Ɓawon Haƙori

A shekarar 1968 aka tsinci ƙoƙon kan wani yaro a gaɓar wani kogi a arewacin Kanada. Babu suna, babu wata alama da za ta nuna ko ɗan wane ne. Hukuma ta adana shi har shekarar 2005, lokacin da aka sake buɗe bincike aka miƙa ƙoƙon ga masana a Jami'ar Simon Fraser. Girman ƙashi da tsiron haƙora suka nuna yaron ya rasu yana da shekara huɗu da wani abu. Amma a wace shekara aka haife shi? Amsar ta fito daga haƙoransa biyu: tsakanin 1958 da 1962. Wannan ya dace da wani yaro da ya ɓace a yankin, gwajin ƙwayar halitta kuma ya haɗa shi da dangin mahaifiyarsa. Bayan shekara 41, iyali suka san makomar ɗansu.

Abin da aka karanta a haƙoran nan sawun bam ne. Daga wajajen 1955 zuwa 1963, Amurka da Tarayyar Sobiyat suka yi ta fasa manyan bama-baman nukiliya a sararin sama don gwaji. Mafi girmansu Sobiyat ce ta tayar da shi a watan Oktoba na 1961 a tsibirin Nobaya Zemliya. Mu ma abin bai yi mana nisa ba, domin a Fabrairun 1960 Faransa ta fasa nata na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya, har Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961, ko da yake na Faransa ƙanana ne idan aka kwatanta da na manyan biyun. Kowace fashewa tana watsa ƙwayoyin da ke bugun iskar naitirojin su mayar da ita wani nau'in sinadarin kabon mai ɗan nauyi, wanda ake kira kabon-14. Dama akwai shi a iska, kaɗan ƙwarai, kuma yawansa bai cika sauyawa ba. Gwaje-gwajen nan suka kusan ninka shi biyu a arewacin duniya kafin yarjejeniyar 1963 ta hana fasa bam a sarari. Daga nan ya soma raguwa shekara bayan shekara, saboda teku da tsirrai suna shanye shi.

Tun wancan lokaci masana ke auna iska, don haka akwai jadawalin da ke nuna yawan kabon-14 na kowace shekara. Gero da dawa da ciyawa suna zuƙar iskar shekararsu, saniya ta ci ciyawa, yaro ya sha nono ya ci tuwo. Kabon ɗin shekarar ya shiga jikinsa ke nan.

Sai dai jiki ba ya ajiye abu wuri ɗaya. Fata da jini suna sabuntawa, ƙashi ma a hankali yake rushewa yana sake ginuwa har tsufa. Farin ɓawon nan mai ƙyalli da ya lulluɓe kan haƙori shi ne daban. Yana ginuwa a cikin dasashi tun haƙorin bai ɓullo ba, kuma da zarar ya kammala, shi ke nan, babu ƙari babu canji. Shi ya sa ma idan ya ɓantare ba ya tofowa. Kabon ɗin cikinsa bai wuce kashi 0.4 cikin ɗari ba, amma wanda ya shiga tun yarinta ne yake nan har kabari. Kirsty Spalding da Jonas Frisén na Cibiyar Karolinska a Suwidin, tare da Bruce Buchholz na ɗakin bincike na Lawrence Livermore a Amurka, su da abokan aikinsu ne suka bayyana hanyar a 2005. Sun gwada haƙoran mutanen da aka san ranar haihuwarsu, kuskuren bai wuce kimanin shekara ɗaya da rabi ba. Ƙiyasin shekarun babban mutum daga ƙashi kuwa yakan kauce da shekara biyar zuwa goma.

Aikin kansa na haƙuri ne. Ana yanke kan haƙorin daga saiwarsa, a jiƙa shi cikin ruwan soda mai ƙarfi har naman ciki ya narke, domin shi wannan na cikin yana ci gaba da ƙaruwa bayan yarinta kuma zai gurɓata lissafi. Sai a wanke ɓawon, a narkar da shi da asid, a tara iskar da ta fito, a mayar da ita baƙin gari irin bakin fensir. Wata babbar na'ura ce ke ƙirga ƙwayoyin kabon-14 da ke ciki ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne wurin da na fi ganin basirar aikin. Tun da jadawalin ya hau sannan ya sauka, kamar tudu, kusan kowane sakamako yana iya faɗawa shekara biyu, ɗaya a hawa ɗaya a gangara. A ɗauka an gwada turmin farko, wanda ɓawonsa ke soma ginuwa daf da haihuwa ya kammala wajen shekara uku, aka samu kabon-14 ya ɗara na kafin bam da kashi 40 cikin ɗari. Iskar arewacin duniya ta kai wannan mataki wajen 1962 tana hawa, ta sake ratsa shi wajen 1975 tana sauka. Wanne za a ɗauka? Sai a ciro turmi na biyu daga bakin mutumin, wanda ke ginuwa kimanin shekara huɗu bayan na farko. Idan shi ya nuna kusan kashi 70, to lissafi yana hawa ne, turmin farko na 1962 ne, a cire shekara biyu zuwa uku, haihuwa ta faɗo wajen 1960. Idan kuwa ya nuna kashi 30, ana gangara ne, mutumin ɗan wajen 1972 ko 1973 ne. Haƙori ɗaya zai iya ruɗar mai bincike da shekara goma sha uku, biyu kuwa sun raba gardama.

Hanyar tana da iyaka, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Turmin ƙarshe ne ke rufe ginin ɓawo, wajen shekara goma sha biyu, saboda haka wanda aka haifa kafin 1943 ba a ganin sawun bam a bakinsa ko kaɗan. Iyakar abin da za a ce shi ne ya riga wannan shekara zuwa duniya. Yara ma ba a lokaci ɗaya haƙoransu ke ginuwa ba, wani ya yi sauri wani ya makara, kuma daga nan yawancin kuskuren ke fitowa. Wanda ya tashi kan kifin teku zai iya nuna adadin da ya sha bamban, domin kabon ɗin teku yana jan ƙafa a bayan na iska. Sannan gwajin yana cinye haƙorin. Wannan ya sa na gawa ne da ba a san mai ita ba, kuma ba na ganin dacewar a cire wa mai rai lafiyayyen haƙori don kawai ba shi da takardar haihuwa. Shekarar haihuwa kaɗai yake bayarwa, lokacin mutuwa sai an haɗa da wani gwajin.

Abin da ke damuna shi ne tudun nan ya kusa bajewa. Hayaƙin man fetur da kwal ba shi da kabon-14 sam, domin nasa ya ƙare tun miliyoyin shekaru a ƙarƙashin ƙasa, kuma kullum yana sirka iska. Wajen 2021 ma'aunin ya koma daidai inda yake kafin gwaje-gwajen. Yaron da aka haifa bana, ɓawon haƙorinsa zai yi kama da na kakansa da aka haifa kafin 1943, kuma mai binciken da zai tsinci irin wannan haƙori nan gaba sai ya nemi wata shaida kafin ya bambance su.