Fayil ya iso, amma fanko ne

A ce ƙarshen wata ya matso, akawun wata makaranta na jiran jadawalin albashi daga sakatariyar ofis. Imel ya shigo ɗauke da fayil ɗin Excel, ya buɗe, sai ya tarar da layuka fari fat, babu suna babu adadi. Wani a nan zai rubuta “babu komai a ciki” ya aika. Ita kuwa ta duba kwamfutarta ta ga komai cif, sai a shiga musu.

Akawun da ya san aikinsa yakan fara duba nauyin fayil ɗin. Idan ya ga `0 KB`, fayil ɗin bai hau ba tun daga can, wataƙila intanet ta yanke ana tsakiyar liƙawa. Sabon fayil na `.xlsx` da ba a rubuta masa komai ba ma yana da 'yan kilobayit, yawanci ƙasa da 10, don haka ƙaramin nauyi irin wannan alama ce ta fanko na gaske.

Idan kuwa fayil ɗin na da nauyi amma ba a ganin komai, galibi bayanan ɓoye suke. Sai ya danna `Ctrl+End`, wanda ke kai mutum gurbi na ƙarshe da aka yi amfani da shi. In ya tsaya a `A1`, shafin wayam ne. Daga nan ya leƙa sauran shafuka a ƙasa, ya danna sunan shafi da maɓallin dama na linzami ya ga ko `Unhide` zai fito da wani. Abin kunya ne a tayar da mutum alhali albashin na kwance a `Sheet2`.

Bayan haka ne zai rubuta, kuma a matsayin amsa ga imel ɗinta, don ta san fayil ɗin da ake nufi:

“Assalamu alaikum Hajiya, ina gajiya? Na buɗe `Albashi_Maris.xlsx` da kika turo da safe, amma babu komai a ciki. Nauyinsa `8 KB` ne, shafi ɗaya kawai, kuma babu ɓoyayyen shafi. Don Allah ki adana naki, ki rufe shi, ki sake turowa kafin azahar, saboda yau za mu miƙa wa banki. Na gode.”

Batun adanawar nan ba ado ba ne. Imel yana ɗaukar abin da aka adana ne, ba abin da ke kan allo ba. In ta cika jadawalin ba ta danna `Ctrl+S` ba, tsohon fankon za ta sake liƙawa. In kuma a tsarin `.csv` ta adana, shafin da ke buɗe kaɗai zai tafi, sauran su tsaya a kwamfutarta.